Yadda Ake Haɗa Lambar Tikiti Ba Sifiri, Ba Harafin O

Lambar tikiti gajeren jeri ce na haruffa da lambobi wanda ake bugawa a ɗan guntun takarda ko a tura ta saƙon waya, mai saye ya shigar da ita a karɓa a madadin kuɗi. Da ita ake sayen awannin intanet a wurin masu waifai na unguwa, da ita ake samun rangwame a shagunan intanet, da ita kuma ƙungiyoyin agaji kan raba kayan tallafi. Ana son abu biyu daga gare ta, kuma kowane yana jan ɗayan baya. Ana son ta yi sauƙin karantawa da shigarwa ga wanda ya biya kuɗinsa, ana kuma son ta gagari wanda bai biya ba ya canka.

Katin waya da lambar mitar wuta, wadda ke da lambobi 20, sun kauce wa ruɗanin haruffa ne ta hanyar amfani da lambobi zalla, domin madannan mita da na ƙaramar waya lambobi ne a kansu. Farashin hakan shi ne tsawo. Alama goma kawai ake juyawa, don haka sai jerin ya yi tsawo kafin ya yi wuyar canka. Idan aka haɗa da haruffan boko 26, alamomin sun zama 36, jerin kuma zai gajarce sosai. Sai dai daga nan ne ido ke fara yaudarar mai karatu.

Alamomin da ake cirewa

Sifiri da babban harafin O su ne suka fi kowa laifi. A yawancin salon bugu bambancinsu bai wuce faɗi ba, sifiri ya ɗan tsuke, O ya ɗan buɗe, kuma idan ba a gan su kusa da juna ba babu abin da za a auna. Bayan su sai lamba 1 da babban I da ƙaramin l, waɗanda a wasu wayoyi duk sanda ɗaya ce a tsaye. Kamar ta samo asali tun da daɗewa, don tsofaffin tafiretoci da yawa ba su da madannin 1 sam, ƙaramin l ake bugawa a madadinsa. Akwai kuma rukuni na biyu da ba ya ruɗarwa sai bugu ya dushe ko an kwafa da hannu: 5 da S, 2 da Z, 8 da B, 6 da G, U da V. Takardar ƙananan firintocin rasit, wadda zafi ke rubutu a kanta, tana dushewa idan ta sha rana ko ta kwana a aljihu, kuma a kanta ne 8 ya fi rikiɗewa ya koma B.

Manyan tsare-tsare sun daɗe da daidaita kansu da wannan. Lambar jikin mota, wadda ake kira VIN, tana da alamomi 17, kuma ba a sa I ko O ko Q a cikinta. Adireshin Bitcoin na asali an gina shi kan alamomi 58, bayan an fitar da 0, O, I da l. Tsarin Plus Codes na Google, wanda ke ba kowane wuri a taswira gajeriyar lamba, ya tsaya kan alamomi 20 kacal. Wani masanin manhaja ɗan Amurka, Douglas Crockford, ya bi wata hanya daban a tsarinsa mai alamomi 32. Ya cire I, L, O da U, amma ya bar 0 da 1, sannan ya ce duk wanda ya buga O a ɗauka sifiri yake nufi, wanda ya buga I ko L a ɗauka 1 ne. Wannan dabara ta fi cirewa zalla amfani, domin kuskuren mai saye ba ya ma kaiwa ga a ƙi lambarsa.

Harafin U da Crockford ya cire ba don kama da wani ba ne, ya yi hakan ne don kada zagin Turanci ya fito a cikin lamba bisa tsautsayi. Duk inda aka bar wasula a cikin jeri, kalma za ta iya haɗuwa da kanta. Wanda ya cire 0, O, 1 da I kawai ya bar A, E da U, kuma da su za a iya samun BANZA ko WAWA ko SHEGE a tsakiyar tikitin da aka miƙa wa dattijo. Jerin kalmomin da manhajojin waje ke tacewa na Turanci ne, bai san waɗannan ba. Cire wasulan gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan tattara zage-zagen kowane harshe.

Akwai kuma ruɗanin kunne, idan ana karanta wa mutum lambar ta waya. M da N suna haɗuwa a kowane harshe. A bakin Bahaushe F da P sukan zo kusa da juna, haka B da V. Tsakanin Najeriya da Nijar kuwa akwai tarko na musamman: harafin da mai karatun Turanci ke kira "ji" shi ne G, wanda mai karatun Faransanci ke kira "ji" kuma J ne. Ɗan Katsina zai faɗi daidai, ɗan Maraɗi ya ji daidai, amma abin da aka rubuta ya saɓa. Inda tikiti zai riƙa tafiya ta baki, ɗaya daga kowane biyun nan ya kamata ya fita.

Abin da cirewar ke ci

A ɗauki mai waifai kusa da ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda ke son buga tikiti 10,000 su ishe shi zangon karatu. Ya fara da alamomi 36. Ya cire 0, O, 1, I da L, ya cire A, E da U, sannan ya cire S, Z da B ya bar 5, 2 da 8. Abin da ya rage alamomi 25 ne, duk manyan haruffa: `23456789CDFGHJKMNPQRTVWXY`. Tunda tikitinsa a takarda ake karantawa, ya bar F da P, da G da J.

Yawan lambobin da za a iya haɗawa ana samunsa ne ta ninka yawan alamomi da kansa sau adadin gurabe. Da alamomi 36 da gurabe takwas, ana samun kimanin tiriliyan 2.8. Da alamomi 25 da gurabe takwas, ana samun kimanin biliyan 152. Faɗuwar tana da girma a ido, wajen ninki goma sha takwas. Amma ƙarin gurbi ɗaya tak yana ninka adadin sau 25, ya kai shi kimanin tiriliyan 3.8, wato ya zarce inda aka taso. Duk alamomi goma sha ɗayan da aka zubar, harafi guda ne ya biya su har da riba. Saboda haka rowar alamomi ba ta da dalili. Wurin da ya cancanci a tsaya a yi lissafi shi ne tsawo.

Tsawon da ya dace ya danganta ne da yawan tikitin da ke da rai a lokaci guda, domin ɓarawo ba wata lamba takamaimai yake nema ba, kowace ta faɗo masa ta yi. A raba yawan lambobin da za su yiwu da yawan tikitin da ba a yi amfani da su ba, abin da ya fito shi ne matsakaicin gwajin da mai canka zai yi kafin ya dace. Da gurabe huɗu, lambobi 390,625 ne za su yiwu, don haka cikin gwaji 39 za a ci ɗaya. Yaro da waya a hannu zai yi wannan kafin shayi ya huce. Da gurabe shida akwai kimanin miliyan 244, gwaji kusan 24,400 ke nan. Hannu ba zai iya ba, amma ƙaramar manhaja mai gwada goma a daƙiƙa za ta gama cikin minti 41. Da gurabe takwas gwajin ya haura miliyan 15, kuma manhajar nan za ta shafe kusan kwana 18 tana bugu ba tsayawa don ta samu tikiti ɗaya na awa guda. A nan sata ta daina biyan wahalarta. Ga tikitin waifai takwas ya isa. Ga katin da ke ɗauke da kuɗi mai kauri, ko wanda ake bugawa miliyoyi, sai a ƙara zuwa goma sha biyu ko fiye.

Lissafin nan ya ɗauka cewa an bar mai canka yana ta gwaji yadda ya ga dama, kuma bai kamata a bar shi ba. Idan tsarin yana dakatar da na'ura na ɗan lokaci bayan kuskure biyar a jere, kwana 18 ɗin nan za su koma shekaru. Rajistar gwaje-gwajen da aka ƙi tana nuna wanda ke bakin ƙofa. Mai saye na gaskiya yakan saɓa da harafi ɗaya ko biyu, ya gyara a karo na biyu ko na uku. Mai canka kuwa gwajinsa ɗaruruwa ne, da sauri iri ɗaya, kuma babu wanda ya yi kusa da wata lamba mai rai.

Inda zaɓen ke fitowa

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne kan sharaɗi guda, cewa a kowane gurbi kowace alama cikin 25 tana da dama daidai da 'yar'uwarta, kuma abin da ya fito a baya ba ya nuna abin da zai biyo. Kamar ƙuri'ar adashi ce: a zuba takardu 25 a ƙwarya, a zaro ɗaya, a rubuta, a mayar da ita, a girgiza, a sake zarowa. Kwamfuta ba ta da ƙwarya, lissafi take yi, kuma a nan ne mafi yawan tsare-tsaren tikiti ke lalacewa ba tare da mai su ya sani ba.

Kusan kowane harshen rubuta manhaja yana da hanya biyu ta samar da lambobin ƙuri'a. Ta farko an yi ta ne don wasanni da gwaje-gwajen kimiyya, kamar `random` a Python, `Math.random()` a JavaScript, da `rand()` a PHP. Abin da take fitarwa yana kama da hargitsi, amma jeri ne da ke bin ƙa'ida daga wata lamba ta farko da ake kira iri. Na Python yana amfani da tsarin Mersenne Twister, wanda masana biyu 'yan Japan, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙira a 1997. Tsari ne mai kyau ga aikin da aka yi shi dominsa, sai dai wanda ya ga cikakkun lambobi 624 da ya fitar a jere zai iya lissafa duk waɗanda za su biyo baya. Mafi muni shi ne a ɗauki agogo a matsayin iri. Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne. Wanda ya san ranar da aka buga tikitin, ya kuma san manhajar da aka yi amfani da ita, iri 86,400 kawai zai gwada a kan kwamfutarsa, ya sayi tikiti ɗaya don ya gane wanda ya dace, sauran 9,999 su zama nasa. Biliyan 152 ɗin nan ba su tsare komai ba.

Hanya ta biyu tana karɓar ƙuri'arta ne daga manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta, wadda ke tattara hargitsi daga abubuwan da ba a iya hasashe, kuma an gina ta ne don sirri. A Python sunanta `secrets`, ta shigo da fitowa ta 3.6 a 2016. A PHP akwai `random_int()`, a burauza akwai `crypto.getRandomValues()`. Ga dukan aikin mai waifai:

```python
import secrets

ALAMOMI = "23456789CDFGHJKMNPQRTVWXY"

def sabuwa(tsawo=8):
    return "".join(secrets.choice(ALAMOMI) for _ in range(tsawo))

tikiti = set()
while len(tikiti) < 10000:
    tikiti.add(sabuwa())
```

Layin `secrets.choice` shi ne zaro takarda daga ƙwarya, ana maimaita shi sau takwas. Abin lura shi ne ba a haɗa lamba da alamomi 36 sannan a bi a goge munanan ba, tun farko daga jerin da aka tace ake zaɓe. Wanda ya haɗa da 36 sannan ya maye kowane O da wani harafi, ya ninka damar wannan harafin ba da saninsa ba.

Irin wannan karkata tana shigowa ta wata kafa da ta fi ɓuya. Na'ura takan ba da ƙuri'a ne a matsayin lamba daga 0 zuwa 255, wato ƙima 256. Mai rubuta manhaja da hannunsa yakan raba ta da 25 ya ɗauki ragowar. Amma 25 sau goma 250 ne, shida sun yi saura, kuma shidan nan suna komawa kan alamomi shida na farko. Sakamakon shi ne 2, 3, 4, 5, 6 da 7 kowace tana da hanya 11 ta fitowa, sauran kuma 10. Gyaran shi ne duk ƙimar da ta kai 250 ko ta wuce a jefar da ita a sake zarowa, kuma `secrets.choice` da `random_int()` suna kauce wa wannan karkata da kansu. Ana gane matsalar ta ƙirge. Tikiti 10,000 masu gurabe takwas alamomi 80,000 ne, kowace ya kamata ta fito kusan sau 3,200, kuma saɓanin ɗari sama ko ƙasa ba komai ba ne. Idan aka ga shidan farko sun taru a wajen 3,440, sauran suna wajen 3,125, to an raba ne ba a zubar da ragowa ba. Ƙirgen yana kama karkata kaɗai. Jerin da aka haifa daga agogo zai ci wannan jarrabawa lafiya lau, don haka sai an duba ainihin abin da manhajar ta kira.

Lambobi biyu iri ɗaya

Kalmar `set` a cikin misalin tana da aikinta: ba ta karɓar abu sau biyu. Mutane kan ɗauka cewa cikin miliyoyin lambobi maimaici ba zai faru ba, alhali yana zuwa da wuri fiye da yadda hankali ke zato. Masana lissafi sun nuna cewa a ɗaki mai mutum 23, damar a samu biyu da suka haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura rabi, domin ba mutane ake ƙirgawa ba, ma'aurata ake ƙirgawa. Tikiti 10,000 suna haɗa ma'aurata kusan miliyan 50. Da gurabe shida, damar a samu maimaici a bugu ɗaya ta kusa ɗaya cikin biyar. Da gurabe takwas ta sauka zuwa kusan ɗaya cikin 3,000. Ƙarama ce, amma ba sifiri ba ce, kuma tana ƙaruwa da kowane sabon bugu. Shi ya sa ake gwada sabuwar lamba da duk waɗanda aka taɓa fitarwa, ba na yau kaɗai ba, kuma a rumbun bayanai ake sa wa gurbin lambar sharaɗin `UNIQUE` don rumbun da kansa ya ƙi maimaici. In ba haka ba, ɗalibai biyu za su biya kuɗi, na biyun a ce masa an riga an yi amfani da tikitinsa.

Harafin tantancewa

Ko an cire duk alamomin ruɗani, yatsa na zamewa. Ana ƙara alama ɗaya a ƙarshe wadda aka lissafa daga sauran, don a gane kuskuren bugu nan take. Lambar ƙarshe a katin cirar kuɗi irin wannan aikin take yi, da tsarin da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙira a shekarun 1950.

Ga alamomi 25 hanya mai sauƙi ta wadatar. A ba kowace alama ƙima bisa matsayinta a jeri, daga 0 ga alamar 2 har zuwa 24 ga Y. A ɗauki lambar `K7MQ4TXD`. Ƙimominta su ne 14, 5, 15, 18, 2, 20, 23 da 9. A bar ta farko yadda take, a ninka ta biyu sau biyu, a bar ta uku, a ninka ta huɗu, haka har ƙarshe. An samu 14, 10, 15, 36, 2, 40, 23 da 18, jimilla 158. A raba da 25, ragowa 8, kuma alamar da ke matsayi na 8 ita ce C. Abin da za a buga a takarda shi ne `K7M-Q4T-XDC`, uku-uku don ido ya huta.

Idan mai saye ya buga N a wurin M, jimilla ta koma 159, ragowa 9, wato D, bai dace da C ba. Idan ya juya biyun farko ya buga 7K, jimilla ta zama 167, ragowa 17, wato P. Wannan tsari yana kama kowane kuskuren alama ɗaya da kowace musanyar maƙwabta biyu. Ba ya kama musanyar alamomi biyu da ke da wata a tsakaninsu, tunda nauyinsu ɗaya, kuma idan kurakuran sun yi yawa ɗaya cikin 25 zai tsallake. Amfaninsa shi ne shafin shiga zai iya cewa "duba lambar, akwai kuskuren bugu" maimakon "tikitin ba shi da inganci", saƙon da ke sa mai saye ya koma wurin mai shago da faɗa. Tsaro kuwa ba ya ƙara ko kaɗan, domin mai canka ma zai iya lissafa shi. Lamba mai alamomi tara da harafin tantancewa, ƙarfin takwas gare ta.

Sauran aikin yana wurin karɓa. Kafin a gwada abin da aka shigar, a mayar da shi manyan haruffa, a cire tazara da karan tsakiya, tunda wayoyi kan ƙara tazara da kansu. Sannan a ari dabarar Crockford: S ya koma 5, Z ya koma 2, B ya koma 8, domin babu ɗayansu a jerin, duk wanda ya buga su abin da yake nufi a fili yake. Harafin O da sifiri ba su da wannan gata a jerin mai waifai, don wanda ya ga O zai yiwu Q ce ta dushe ko D ce, sai dai a ce masa ya sake dubawa. A wajen bugu kuma a zaɓi salon rubutun da kowane harafi ke cin fili daidai da ɗan'uwansa, don kada V biyu a jere su manne su zama W, a kuma rubuta a ƙasan tikitin cewa babu O, babu sifiri, babu I a cikin lambar.